Empin Baba mai shayi: da laifin batir ne, sai aka ɗora wa sifika

Baba mai shayin bakin layinmu ya shigo shagona da hantsi, empinsa a hammata, ƙullin baƙar leda a hannu. Irin ƙananan akwatunan nan ne na bulutut masu sifika ɗaya, a jiki an rubuta wat 10, yana da ramin memori da na AUX, kuma shekararsa biyu da wani abu a kan teburin shayi. Ya dire shi a gabana ya ce, "Injiniya, duba mini wannan. In na rage murya lafiya ƙalau, da na ƙure sai ya fara tas-tas kamar an jefa ɗanyen kifi a mai." Ya kwance ledar, sai ga sifikar ciki ta asali. Ashe ya riga ya kai wa wani mai gyara, wanda ya saurara sau ɗaya ya ce ta fashe, ya cire ta ya saka sabuwa, ya karɓi kuɗinsa. Baba ya koma teburi, dare na yi ƙarar ta dawo yadda take.

Ban ga laifin mai gyaran can sosai ba, don a kunne cututtukan biyu kusan murya ɗaya gare su. Sifikar da ta lalace tana shiru a ƙaramar murya ta tona kanta in an ƙure, batirin da ya gaji shi ma haka yake yi. Bambancinsu yana cikin abin da kowanne yake bi. Ciwon batir yana bin caji da nauyin da aka ɗora masa: yau da sauƙi, anjima da tsanani. Ciwon sifika kuwa ba ruwansa da caji, yana bin amon sautin ne, kuma kullum a wuri ɗaya za ka same shi. Duk gwajin da na yi wa empin nan hanya ce ta tambayarsa wanne yake bi a cikin biyun.

Kafin in ɗauki sukundireba sai da na zaunar da Baba na yi masa tambayoyi, domin mai kaya ya fi mita sanin tarihin kayansa. Na ce, "Baba, da safe ma yana yi?" Ya ce da safe in ya karɓo shi daga wurin masu caji yakan ɗan jure, sai an ƙure shi can ƙarshe. Bayan isha'i kuwa, lokacin da teburi ya cika ake son murya ta kai ƙarshen benci, ko rabi da kaɗan ka kai shi sai ya fara. Na tambaye shi me ake saurara. Ya ce labarai da wa'azi ba su cika damunsa ba, amma da yaransa sun saka kiɗa mai ganga shi ke nan. Sai ya ƙara wata magana da shi bai ɗauke ta a bakin komai ba: 'yar fitilar jikinsa takan yi ƙifta-ƙifta tare da kiɗan, kuma wani lokaci matar nan ta ciki takan ce "Battery low" alhali bai daɗe da cirowa daga caji ba, in an rage murya kuma ta yi shiru ya ci gaba da aiki har awa guda.

A nan na riga na karkata. Takardar sifika da ta yage ba ta san asuba ba, ba ta san isha'i ba, kuma ba ta da hanyar da za ta sa fitila ƙiftawa. Amma zato ba gyara ba ne, musamman ga mutumin da ya riga ya biya kuɗin zato sau ɗaya.

Na fara da kawar da waya daga zargi. Waƙoƙin da ake turawa a memori da yawa an matse su an ƙure musu murya tun daga tushe, fashewar tana cikin waƙar, ko a wace na'ura ka saka ta za ka ji. Haka nan in an kunna ƙarin bas a saitin waya. Na saka sauti mai tsabta daga wayata ta bulutut, na sake sakawa ta igiyar AUX, duka biyun fashewar ta zo a mataki ɗaya. Matsalar bulutut ma dai ba haka take ba: ita yankewa take yi, sauti ya ɗauke ya dawo, tana bin nisa da bango, ba ruwanta da ƙarfin murya.

Gwaji na biyu kowa zai iya yinsa a gida. Wayata matakin muryarta 15 ne. Da cajin da empin ya zo da shi, fashewa ta fara a mataki na 11. Na jona masa caja mai kyau, na bar waƙar a wuri ɗaya, sai na iya kaiwa 13 kafin ta fara. Na cire caja na bar shi yana kiɗa minti arba'in a gefe ina wani aiki, da na dawo a mataki na 9 take farawa. Iyakar tana tafiya, tana hawa da caji tana sauka da shi. Da sifika ce, a mataki ɗaya za ta tsaya ko an jona ko ba a jona ba.

Sai dai akwai tarko a wannan gwajin, kuma na ga ya ruɗi mutane. In an jona caja ƙarar ba ta ɓace gaba ɗaya ba, ba shi ke nuna batirin lafiyarsa lau ba. A yawancin ƙananan empin nan caja ba ta ciyar da amfilifaya kai tsaye, batir take ɗurawa, kuma aisin caji, wato ɗan sashen da ke sarrafa ɗurin, a yawancinsu bai wuce amfiya 1 yake bari ta wuce ba. Amfilifaya kuwa a bugun ganga yana iya neman ninkin haka sau uku. Don haka caja tallafi kawai take yi. Abin lura shi ne ko iyakar ta motsa, ba ko ƙarar ta tafi ba. Ga kuma caja marar kyau da ke kawo tata ƙugar, wadda ake ji ko a ƙaramar murya, kada a haɗa ta da wannan.

Me ya sa batir zai fasa sauti? Na buɗe akwatin, a ciki ƙwayar batir ɗaya ce, 18650, wato mai kaurin milimita 18 da tsawon 65, irin wadda ke cikin batirin tsofaffin laftof da tocila. A cike tana bolt 4.2, matsakaicinta 3.7. Wannan wutar ba ta isa ta fitar da wat 10 a sifika mai om 4 ba, shi ya sa a kan fanel akwai wani sashe da ke ɗaga ta kafin ta isa amfilifaya. Ɗagawar ba kyauta ba ce, abin da aka samu a bolt ana biyansa da amfiya. In sifika ta karɓi wat 10, da asarar hanya batir zai ba da wajen wat 12.5, wanda a bolt 3.6 ya kai kusan amfiya 3.5. Kuma ba a hankali ake neman wannan ba, fizga ce, duk bugun ganga fizga ɗaya. Maganar mutum ba ta fizgar wuta haka, shi ya sa wa'azi ke wucewa lafiya kiɗa ya maƙale.

Kowane batir yana da wata turjiya a cikinsa, kamar tiyon ruwa da ke da ƙunci. Sabuwar ƙwaya mai kyau turjiyarta ƙarama ce, wajen om 0.05 ko ƙasa da haka, don haka fizgar amfiya 3.5 ba za ta rage mata ko bolt 0.2 ba. Yayin da take tsufa, musamman in tana shan zafi, turjiyar tana ƙaruwa. Ta kai om 0.3, fizga iri ɗaya za ta zubar da bolt guda cur. Abin kuma yana cin kansa: da wuta ta faɗi, sashen da ke ɗagawa sai ya ƙara jan amfiya don ya cike giɓin, hakan ya ƙara kayar da ita. Ƙarshe ya kasa, amfilifaya ya rasa wutar da zai kai sautin ƙololuwarsa, sai ya yanke masa kai. Wannan yankakken kan shi ne kunne ke ji a matsayin fashewa. In faɗuwar ta yi zurfi amfilifaya kan ɗauke na ƙiftawar ido ya dawo, nan ne ake jin tas. Sifikar ba ta yi laifin komai ba, abin da aka miƙa mata ta faɗa.

Shi ya sa auna batir a zaune yaudara ce. Na ɗora mita a kan na Baba bayan na caja shi ya huta, ya nuna 4.05. Wanda ya tsaya a nan zai rantse batirin garau yake. Na bar wayoyin mita a jikinsa, na buɗe manhajar da ke fitar da amo ɗaya tsayayye, na saita 100 Hz. Dalilin amo tsayayye shi ne mita ba ta da saurin bin kiɗa, kafin ta nuna faɗuwa bugun ya wuce, sai ka ga lambobi na rawa ba ka kama komai ba. A rabin murya ya sauka 3.9. A mataki na 12 ya faɗo wajen 3.3, sautin ya fara kaushi. Na ƙure, na ga 3.0 na walƙiya, fitila ta dushe, matar ta ce "Battery low". Na rage, nan take ya haura 3.9 kamar ba shi ba. Daƙiƙa uku ko huɗu kawai nake barin irin wannan amon a ƙure, don ya fi kiɗa zafafa koyil, wato naɗin siririyar wayar da ke cikin sifika, kada garin bincike ka ƙona lafiyayyar sifika.

Don in sami lamba a hannu, na cire batirin daga fanel, na bari ya dawo 4.05, na ɗora masa rezisto mai om 3.9, babba mai jure wat 10. Wutar ta sauka 3.76.

```
I = 3.76 / 3.9 = 0.96 A
r = (4.05 - 3.76) / 0.96 = 0.30 Ω
```

Sabuwar ƙwayar da na ɗauko daga durowa, a gwaji iri ɗaya, daga 4.10 ta sauka 4.05 kawai, wato turjiyarta wajen om 0.05. Ninki shida ke nan tsakaninsu. Da na tambayi Baba inda yake ajiye empin, sai ya ce a kan katakon da ke kusa da risho, inda hannunsa ke kaiwa. Shekara biyu batir na gasuwa tare da ƙwai. Zafi shi ne babban abin da ke tsufar da irin wannan batir, balle a haɗa da barinsa ya mutu ƙurmus kowane dare.

Duk da haka ban sallami sifika daga tuhuma ba sai da na gwada ta, domin cuta biyu kan haɗu a jiki ɗaya. Na fara da ta cikin leda, wadda aka yanke wa hukunci ba shari'a. Na ɗaga ta a hasken ƙofa na bi robar da ke zagaye da takardar, ba tsaga, ba inda gam ya saki. Na ɗora yatsu uku a kewayen hular tsakiya, ba a kan hular ba, na danna a hankali daidai wa daida. Ta shiga ta fito sumul, ba ƙara. A nan a kula, in ka danna gefe ɗaya ko lafiyayya ce za ta goga, ka ɗora mata laifin da ba nata ba. Na auna ta da mita, na sami om 3.4 bayan na cire ɗan abin da wayoyin mitar kansu ke nunawa. Daidai ke nan, sifikar da aka rubuta wa om 4 takan nuna ƙasa da 4 kaɗan a mita. Na taɓa mata ƙaramin batirin rediyo mai bolt 1.5, ta yi ɗum mai tsabta, takarda ta motsa gaba ɗayanta.

Baba na kallona da alamar bai gamsu ba, don haka na zaro wata daga kwandon matattu in nuna masa yadda mai ciwon gaske take. Wannan ta fito ne daga empin wani mai walda. Na sa ya danna da kansa. Ya ji ƙurrr a yatsunsa, kamar ana jan cokali a kan yashi, ya janye hannu ya ce, "Af, wannan kam ko kurma ya ji." Koyil ɗin sifika yana kai da kawowa ne a wani siririn rami a tsakiyar maganaɗisu, tazarar da ke tsakani ba ta kai milimita ɗaya ba. Garin ƙarfe ya shiga, ko zafi ya kumbura koyil ya karkace, to zai riƙa gogar bango. A ƙaramar murya motsin kaɗan ne, bai isa inda yake gogar ba. A babbar murya sai ya isa. Ita wannan ma in ka auna ta da mita om 3.5 za ta nuna maka, lafiya lau a lamba, don mita ba ta ganin guga. Hanci ma yana taimakawa, wadda ta ƙone tana warin ƙonannen fenti.

Na jona sifikar mai waldan a amfilifayan benci mai wuta daga soket, inda ba maganar batir, na tafi da amo a hankali daga 40 Hz zuwa 1000 Hz a matsakaiciyar murya. Tana shiru, tana shiru, sai a wani yanki na ƙasa ta kama zzz, na wuce shi ta sake shiru, na dawo ta sake kamawa a wurin. Wannan shi ne sa hannun ciwon sifika: yana da adireshi. Kuma ƙarar tana fitowa ne a gefen sautin, kamar ƙuda a cikin kwalba, ga waƙar ga ƙudan. Ta batir kuwa sautin ne gaba ɗayansa yake murƙushewa, murya da ganga da komai a lokaci guda, daidai kan bugu. Sifikar Baba ta asali ta bi wannan hanyar daga farko har ƙarshe ba ta ce uffan ba, har na ƙara mata murya fiye da abin da empin zai iya ba ta.

Akwai ciwon sifika iri biyu da ke sa rigar batir, su ne suka fi ba ni wahala a aikin nan. Na farko, 'yan wayoyin nan biyu masu laushi kamar kitso da ke kai wuta daga tasha zuwa takarda. In ɗaya ta kusa tsinkewa, sai takarda ta yi babban motsi take rabuwa, ta ba da tas-tas a kan bugun ganga sak irin na batir. Ana kama ta ne da barin mita a kan om ana motsa takardar da wayar. Lamba za ta ɗan yi rawa ko a lafiyayya, don motsin koyil yana haifar da 'yar wuta, amma in ta yi tsalle zuwa OL, alamar da mita ke nunawa in hanya ta yanke, to waya ce. Na biyu, koyil da ya ƙone har zagayensa suka manne da juna, mai om 4 ta koma nuna 2. Wannan tana jan wuta fiye da ƙima, ta durƙusar da batir mai lafiya, fitila ta yi ƙifta, ka canza batir a banza. Saboda su ne ba na rufe akwati sai na auna ɓangarorin biyu, ko da na farko ya riga ya amsa laifi.

Na saka sabuwar ƙwaya. Wajen saye akwai abin dubawa: duk 18650 da aka rubuta wa 6800mAh ko 9900mAh ƙarya ce, ta gaske ba ta cika wuce 3500 ba, kuma nauyinta wajen giram 45 ne, jabun kuwa sakayau za ka ji ta a hannu. Irin waɗannan tun suna sababbi turjiyarsu ta yi yawa, ka saka su ƙarar ta ci gaba, ka koma zargin sifika. Na tabbatar tana da ɗan fanel ɗinta na kariya kamar tsohuwar, na kuma duba ja da baƙi a soket da mita kafin in cusa, don soket iri ɗaya kan zo da wayoyi a juye, kuma juyi ɗaya ya isa ya kashe fanel. Tsohuwar na naɗe kawunanta da tef na ware ta, ba a jefa irinta a shara inda za a cinna wuta.

A 100 Hz, a ƙure, sabon batirin bai sauka ƙasa da 3.8 ba. Fitila ta tsaya cak. Na rufe akwatin na saka kiɗa, tas-tas ta tafi, amma sai ga wata 'yar fir-fir a bugun ƙasa wadda da babbar ƙarar ta rufe ta. Na sake bin amo daga ƙasa, ta fito tsakanin 80 da 110 Hz, da caja da babu caja duk ɗaya. Mai adireshi ce ke nan, ba ta batir ba. Na zagaya da bayan hannuna a gefen sifikar, na ji iska na hurowa ta kusurwa ɗaya, na danna wurin da babban yatsa ƙarar ta ɗauke. Da na kwance, sabuwar sifikar da aka saka ramukanta ba su hau daidai ba, sukuru uku ne a maimakon huɗu, kuma siririn soson da ke toshe tsakaninta da akwati babu shi. Irin wannan akwatin a rufe yake ruf, iskar ciki ce ke tura faifan roban da ke bayansa don ya ƙara bas, ƙofa kaɗan ta samu sai ta yi fito. Soson yana manne a bayan tsohuwar, a cikin leda.

Na cire baƙuwar na mayar da ta asali mazauninta da sukurunta huɗu. Sauti ya fita tsaf har mataki na 14. A na 15 akwai ɗan kaushi in waƙar mai nauyin ganga ce, wannan kuwa ba ciwo ba ne, iyakar ƙarfin amfilifayan ke nan, haka ya fito daga kamfani. Na gaya wa Baba ya riƙa tsayawa taki ɗaya ko biyu kafin ƙarshe, ya nisanta shi da risho, ya kuma kai shi caji tun bai mutu ba. Na saka masa sabuwar sifikar a ledar da ya zo da tsohuwar na miƙa masa. Ya jujjuya ta ya ce, "To ita wannan fa, ɗana?" Na ce ya ajiye, lafiyarta ƙalau, in yaran suka ƙona ta ciki wata rana ya kawo in nemo mata soso.

Bayan sati biyu na tsaya shan shayi da daddare, wajen ƙarfe goma. Empin na rataye a ƙusa jikin sandar rumfa, nesa da wuta, ana sharhin ƙwallo. Na roƙi yaron ya saka kiɗa ya ƙara murya, na tsaya ina kallon 'yar fitilar har waƙar ta ƙare, ba ta ƙifta ba.